Shayin rage ƙiba na kwana 14 ko tsarin abinci na wata uku: wanne ya cancanci kuɗinki?

Tambaya: “Assalamu alaikum 'yan'uwa. Nauyina kilo 92, kuma ina so in rage. Na ga talla biyu. Wata tana sayar da shayi haɗe da kafso, ta ce kilo 10 za su tafi cikin kwana 14, ba sai na canza abinci ko na motsa jiki ba. Ɗayar kuma tsarin abinci take bayarwa na wata uku, ta ce in sa ran kilo 5 zuwa 8. Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Wanne zan ɗauka?”

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki ɗauki tsarin wata ukun, bayan kin yi wa mai shi tambayoyin da zan ambata, ki bar shayin da kafson a hannun mai su. Na taɓa sayen irin wannan shayi, kuma abin da zan iya faɗa masa na adalci shi ne ƙamshinsa yana da daɗi. Ban da wannan, murɗar ciki da zaryar banɗaki kawai na samu.

Alƙawarin mai shayin lissafi kaɗai ya isa ya rushe shi, kuma lissafi ne da za ki iya yi wa kowace talla da kika ci karo da ita. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, wato sai abin da jiki ya ƙona ya ɗara abin da aka ci da wannan adadi kafin kilo ɗaya na kitse ya narke. Kilo 10 ke nan kalori 77,000, idan kuma aka raba su gida 14, kowace rana sai an samu giɓin kalori 5,500. Mace mai irin nauyinki, wadda take hidimar gida ko aikin ofis, abin da jikinta yake ƙonawa a wuni da dare bai wuce kalori 2,000 da 'yan kai ba. Saboda haka ko da ta daina cin komai gaba ɗaya har tsawon kwanakin nan 14, abin da babu mai hankalin da zai ba da shawararsa, kitsen da za ta rasa da ƙyar zai kai kilo huɗu. Wadda ta ce miki kilo 10 alhali kina ci gaba da cin tuwonki da shinkafarki yadda kika saba, tana yi miki alƙawarin abin da jikin ɗan Adam ba ya iya yi.

Za ki ce ai akwai masu shaida cewa sikeli ya sauka musu a makon farko, kuma ba lallai ƙarya suke yi ba. Da yawa daga cikin waɗannan shayoyi filasko ne jigonsu, ganyen nan da iyayenmu suka daɗe suna jiƙawa domin wankin ciki, wanda a jikin kwali ake rubuta shi da sunan senna. Aikinsa shi ne ya tsokani babban hanji ya fitar da bayan gida tare da ruwa mai yawa, alhali tun a ƙaramin hanji jiki ya riga ya tsotse kusan duk amfanin abincin. Wasu kuma suna haɗawa da maganin sa fitsari. Abin da ya fita ruwa ne da kashi, shi ya sa ciki yake lafewa sikeli ya nuna kilo biyu ko uku sun tafi, sannan 'yan kwanaki bayan an daina sha komai ya dawo. Filasko magani ne na taurin bayan gida na ɗan lokaci, kuma ba a so a wuce mako guda ana shansa ba tare da umarnin likita ba, domin yawan gudawa yana zubar da sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Alamun da za ki gane ana cutuwa su ne jiri idan an miƙe tsaye, bushewar baki, ɗaurewar jijiyar ƙafa, kasala da faɗuwar gaba. Masu sayarwa sukan ce wannan “dattin jiki ne yake fita”, su ƙarfafa wa mutum gwiwa ya ci gaba, kuma wannan jumla ita kaɗai ta isa ta sa ki guje su.

Kafson ya fi ba ni tsoro a kan shayin, domin ba ki da hanyar sanin abin da aka ɗura a ciki. Akwai wani maganin rage ƙiba mai suna sibutiramin wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a shekarar 2010, bayan an gano yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Tun daga lokacin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano shi a ɓoye cikin kafso da kofin rage ƙiba waɗanda aka rubuta wa cewa zallar ganye ne. Yana kashe sha'awar abinci da gaske, shi ya sa mai sha take ganin kamar ta dace, amma yana ɗaga hawan jini, ya sa zuciya gudu, ya hana barci. Duk maganin da aka ce na gargajiya ne amma daga ranar farko ya ɗauke miki yunwa ɗungurungum, ya bar ki ido biyu cikin dare, to ki zargi cewa akwai abin da ba a rubuta ba.

Tsarin abincin kuwa, irinsa na bi a hannun wata likitar abinci da aka tura ni wurinta daga asibiti, kuma har yau ina yi mata addu'a. Kafin ta ce in ci ko in bari, sai da ta auna hawan jinina da sukarina, ta tambaye ni ko ina shayarwa, ta sa na rubuta duk abin da nake ci da sha na 'yan kwanaki ba tare da ɓoye komai ba. Da ta karanta, sai ta ɗauki biro ta zagaye abu uku kawai: lemon kwalba da nake kora abincin rana da shi, ludayin man da nake zubawa a miya da shinkafa, da sukarin kunun safe. Ta nuna mini cewa cokalin cin abinci ɗaya na man gyada ko manja yana da kalori wajen 120, kuma babbar robar lemo ɗaya tana iya ɗaukar sukarin da ya kai ƙaramin cokali goma ko fiye, kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a rana, wato giram 50. Ba ta hana ni tuwo ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar kuka ko ta kuɓewa ta ƙaru, aka rage mai, aka ƙara wake, ƙwai, kifi da kwaɗon zogale, sannan tafiyar rabin awa bayan la'asar kwana biyar a mako. Awon tela da ta sa na saya domin auna ƙugu yana nan rataye a jikin madubina, kuma ya fi sikeli faɗa mini gaskiya, domin sikeli yana hawa ya sauka da ruwan jiki, musamman gabanin al'ada.

Irin waɗannan ƙananan gyare-gyare suna samar da giɓin kalori wajen 500 a rana, wanda a mako yake zama kusan rabin kilo. Ma'aunin da masana suke ɗauka a matsayin mai aminci shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, don haka kilo 5 zuwa 8 a wata uku magana ce da ta yi daidai da yadda jiki yake aiki. Kada ki raina adadin. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wanda a wurinki yake nufin kilo biyar zuwa tara, ya isa ya sassauta hawan jini da sukari, ya kuma sauƙaƙa wa gwiwoyi. Raguwa da gaggawa kuwa tana cinye tsoka tare da kitse, tana zubar da gashi, tana kuma jawo tsakuwar matsarmama.

Sai dai ba kowace mai tsarin abinci ce ƙwararriya ba, kuma faɗin adadi mai ma'ana bai isa shaida ba. Ki tambaye ta inda ta yi karatun ilimin abinci da asibitin da take aiki ko ta taɓa aiki, ki lura ko ta amsa kai tsaye ko ta fusata. Ki duba ko ita ma ta yi miki tambayoyi game da lafiyarki kafin ta karɓi kuɗi, domin wadda take tura takarda iri ɗaya ga budurwa da mai jego da mai ciwon sukari ba ta san aikinta ba. Idan jadawalin ya ƙunshi wuni a kan ruwan kokwamba da lemon tsami kaɗai, ko ya haramta duk wani hatsi, ko kuma a mako na biyu aka ce sai kin sayi wani garin sha daga hannunta, to shayin nan ne ya dawo ta bayan gida, sai ki janye.

Ba ki tambaya ba, amma wajibi ne in ja kunnenki game da masu sayarwa marasa tsoron Allah, domin sun yi yawa a wannan harka. Hotunan “da” da “yanzu” da suke liƙawa sau da yawa na sata ne daga shafukan wasu, wasu kuma rana ɗaya aka ɗauke su, na farko an saki ciki an tsaya a duhu, na biyu an ɗaure ƙugu an gyara tsayuwa. Saƙonnin godiya da suke nunawa kowa yana iya rubuta wa kansa da waya biyu. Suna cewa saura guda uku ko farashi zai tashi gobe domin kada ki samu sararin tunani, wasu kuma suna juye kaya cikin roba marar suna, babu jerin abin da aka haɗa, babu adireshin kamfani, babu ranar lalacewa. Lambar NAFDAC ma ana buga ta jabu, don haka ki bincika ta a shafin hukumar, greenbook.nafdac.gov.ng, ki tabbatar sunan kayan da na kamfanin sun yi daidai da lambar. Ko lambar ta gaske ce, wadda ake bai wa yawancin magungunan ganye, mai ƙarewa da harafin L, tana nufin an duba amincin shan su ne, ba ta tabbatar da cewa suna yin aikin da ake iƙirari ba. Yanzu kuma an shiga yayin allurar rage ƙiba ta Ozempic, wadda asalinta maganin ciwon sukari ne da likita kaɗai yake rubutawa, kuma a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa ana sayar da jabunta. Kada ki saye ta a hannun kowa ta waya.

Kafin ki biya mai tsarin, ki je asibiti a auna miki hawan jini da sukari, ki kai mata sakamakon. Idan kina da juna biyu, ki jinkirta maganar rage nauyi gaba ɗaya. Idan kina shayarwa, ko kina shan maganin sukari ko na hawan jini, sai likitanki ya ga jadawalin tukuna, domin rage abinci alhali ana kan allurar insulin ko ƙwayar da take saukar da sukari yana iya sa sukarin ya faɗi ƙasa sosai har mutum ya suma, kuma sau da yawa sai an rage yawan maganin yayin da nauyi yake sauka. Allah Ya ƙara lafiya.