ADS1115 a injin ƙyanƙyasata: abin da ya gyara da abin da bai gyara ba

Wata uku ke nan ina amfani da ƙaramin allon ADS1115, mai juya wutar sensa zuwa lambobi, a injin ƙyanƙyasar ƙwai da na haɗa a gida. Na saye shi ne bayan na yi asarar kusan rabin ƙwan zubi guda, alhali duk lokacin da na leƙa allon injin, digiri 37.5 yake nunawa.

Da farko sensar LM35 na jona kai tsaye a ƙafar A0 ta Arduino Uno. LM35 tana ba da 10 mV a kan kowane digiri, don haka zafin 37.5 yana fitowa a matsayin 375 mV. ADC ɗin Uno, sashen da ke juya wuta zuwa lamba, mai bit 10 ne, wato yana raba wutar da yake auno da ita gida 1024. Idan wutar nan 5 V ce, kowane mataki 4.88 mV ne, kusan rabin digiri ke nan. Ga ƙwai wannan taku ya yi faɗi, amma ba shi ya kashe min ƙwan ba.

Abin da ya kashe su mudu ne, wato wutar da ADC ke auno da ita. Idan ba ka canza masa ba, Uno da wutar da yake sha yake awo, ni kuma na rubuta 5 V a lissafina kamar ba ta motsi. Da na ɗora mita a kan cajar da ke ba shi wuta, sai na ga 4.6 V. Mudu ya ƙanƙance, yawan awo ya ƙaru. Kowane mataki ya koma 4.49 mV, don haka lambar 77 da shirin ke ɗauka a matsayin 37.5, a zahiri wajen 34.6 ce. Hita na mutuwa ƙwai na cikin sanyi. Abin ya yi min ciwo, domin alamar a fili take: ka canza caja, in karatun zafi ya motsa ba tare da ɗakin ya canza ba, matsalar ta mudu ce.

A nan ADS1115 ya biya kuɗinsa. Yana da nasa mudun a ciki, bai dogara da abin da caja ta kawo ba. Na gwada caja uku, karatun bai gusa ba. Wayoyi huɗu suka isa haɗa shi: VDD, GND, SDA da SCL, kuma idan ADDR na kan GND adireshinsa 0x48 ne. Ga saitin da nake kai:

```
ads.setGain(GAIN_FOUR);
ads.setDataRate(RATE_ADS1115_8SPS);
int16_t raw = ads.readADC_SingleEnded(0);
float zafi = raw * 0.003125;
```

GAIN_FOUR yana tsuke awon zuwa ±1.024 V, kowane mataki 31.25 µV, sai 375 mV ta fito 12000 cif. An rubuta masa bit 16, amma in waya ɗaya kake aunawa da GND, rabin lambobin na ƙasa da sifili ba ka amfana da su, bit 15 ne naka. Ya wadatar ƙwarai. Na rage saurinsa zuwa karatu 8 a daƙiƙa saboda zafin akwati ba ya gudu, kuma jinkirin yana tace hayaniyar fanka. Ina tara karatu takwas in raba, kuma ba na karɓar wanda ya faɗo daidai lokacin da rile ke kunna hita.

Abin da bai gyara ba shi ne sensar kanta. Allon zai nuna maka 37.512, ka ji daɗi, amma LM35 na iya kaucewa da rabin digiri. Yawan lambobi bayan ɗigo ba ya nufin awon daidai ne. Na sa ma'aunin zafi na asibiti kusa da sensar, a tsayin ƙwai, na bar akwatin ya daidaita, na ga tawa ta ɗara da 0.4, sai na cire shi a lissafi. Doguwar waya ma ta sa karatun rawa, sai da na sa resista 2 kΩ a bakin sensar ya natsu.

Mai saye ya duba abu ɗaya tun ranar farko. Allo na biyu da na karɓo a wani shago, ɗanyen lambobinsa duk ninkin 16 suke fitowa, alamar ADS1015 ne mai bit 12 a kansa. Na mayar.

Gaskiya, wanda aljihunsa ya matse zai iya tsayawa kan Uno ya sa `analogReference(INTERNAL)`. Mudun ya koma 1.1 V, mataki ya zama kusan 0.11 na digiri. Sai dai wannan wutar tana iya kasancewa ko'ina tsakanin 1.0 da 1.2 V, dole ka auna ta da mita a ƙafar AREF ka sa ainihin lambar. Ni na zaɓi ADS1115 ne don ina son sensoci biyu, sama da ƙasan tire, kuma bambancin da na gani tsakaninsu shi ya sa na matsar da fankar zuwa tsakiyar murfi.