Batir mai ruwa, jel ko AGM: wanne ya fi jure zafinmu a kan inbata?

Bayan aiki da nau'ukan uku a kan inbata mai 24V, hukuncina shi ne batir mai ruwa, musamman dogon nan da ake kira tubula, ya fi dacewa da gidan da wuta ba ta zama. Dalili kuwa, duk batirin dalma yana asarar ruwa idan caji ya yi yawa ko ɗaki ya yi zafi. Mai ruwa sai ka buɗe marafansa shida ka ƙara. Jel, wanda asid ɗinsa a daskare yake, da AGM, wanda asid ɗinsa ke jiƙe a cikin zaren gilashi, a rufe suke, abin da ya fita ya fita ke nan.

Amma mai ruwa yana son hidima. Duk wata a duba ƴan sandunan da ke kan marafan, idan sun sauka a ƙara tataccen ruwan batir. Ban da ruwan rijiya ko na leda, kuma kada a ƙara asid. Idan farantan ciki suka fito fili suka bushe, wannan ɓangaren ya lalace. Yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana ko inda ba taga.

Inda aka fi kashe jel shi ne wurin saitin caji. Mai ruwa na 12V yana karɓar 14.4V zuwa 14.8V, jel kuwa kada ya wuce wajen 14.1V. Idan aka bar inbata a kan FLD, wato saitin batir mai ruwa, alhali jel ne a ƙasa, kumfa za ta huda ramuka a cikin daskararren asid ɗin, kuma ba sa cikewa. Alamar ita ce batir ya riƙa ɗumi, gefensa ya kumbura, ya cika da wuri ya sauka da wuri. A watan Afrilu, da ɗaki ke kai digiri 40, ya kamata a rage saitin da kamar 0.3V a kowane batir.

AGM ya fi su sakin wuta da yawa lokaci guda, ya dace da tayar da firji ko famfo. Sai dai da yawa daga waɗanda ke kasuwa na UPS ne, wato na'urar da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, ba a yi su don a sauke su kullum ba.

Ko wanne aka saya, lissafin ɗaya ne. Batir biyu masu 200Ah a jere suna ɗauke da 4,800Wh. Rabi kawai ya kamata a ci, kuma bayan asarar inbata saura kamar 2,000Wh, wato kusan awa bakwai ga kayan 300W. Mayar da wannan a cajin 20A yana cin sama da awa shida. Idan wutar unguwa ba ta kai haka ba, batir zai riƙa kwana da rabin caji, farin gishiri ya daskare a farantansa. Mai ruwa ana iya farfaɗo da shi da cajin daidaitawa, wato caji mai ƙarfi fiye da na kullum, na wajen 15.5V a kowane batir. Jel ba a yi masa wannan ko kusa.