Sharhi: yadda PhotoRec ta ceto saƙonnin murya daga memorin da ya lalace

PhotoRec manhaja ce ta kyauta da Christophe Grenier ya rubuta, tana zuwa haɗe da TestDisk. Na gwada ta a kan memorin yayata mai sayar da atamfa a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, kuma ta fitar da ni kunya, sai dai aikinta na buƙatar haƙuri.

Wayar Yaya tsohuwa ce, irin mai batirin cirewa, kuma an saita ta tana ajiye kayan WhatsApp a memori mai giga 16. Wayar ta faɗi ƙasa, batiri ya fita, da aka kunna sai ta nuna cewa katin ya lalace, a yi masa fomat. Hotunan kaya ba su dame ta ba. Abin da ya tayar mata da hankali saƙonnin murya ne, domin yawancin masu karɓar kayanta bashi da baki suke faɗin abin da suka ɗauka. Ta kira ni tana cewa, "Auta, in danna eh?" Na ce, "Yaya, don Allah kar ki taɓa, kashe wayar ki zare katin."

Dalili kuwa, irin wannan kati yana da tsarin FAT32, wato wani jadawali da ke nuna inda kowane fayil yake. Idan wuta ta yanke ana cikin rubutu, jadawalin ne ke hargitsewa, amma hotuna da muryoyin suna nan inda suke, kamar littafin bashi da aka yage shafin sunaye. Duk sabon abin da aka rubuta a katin yana iya hawa kansu. Shi ya sa ban yarda da `chkdsk`, umarnin gyaran faifai na Windows, ba ma, don gyaransa a kan katin yake rubutawa.

Na sa katin a na'urar karanta memori, kwamfuta ta nuna girmansa daidai. Wannan ce alamar farko da ke nuna akwai fata. Da ya nuna sifili, ko kwamfuta ta ƙi ganinsa sam, to galibi ƙwaƙwalwar katin ce ta mutu, kuma babu manhajar da za ta yi magani. Daga nan na kwafe katin dungurungum da Image Creation na TestDisk, ya ba ni fayil mai suna `image.dd`, na ajiye katin gefe na ci gaba da aiki a kan kwafin. A PhotoRec na shiga File Opt na bar jpg, ogg da mov kaɗai, wato hoto, sauti da bidiyo, na zaɓi Whole, na nuna mata folda a kwamfuta inda za ta zuba.

Ita ba ruwanta da jadawali. Bin katin take yi daga farko har ƙarshe, duk inda ta ga alamar da hoto ko sauti ke farawa da ita sai ta yanko. Nan ƙarfinta yake, nan kuma rauninta. Sunayen asali irin `PTT-20190312-WA0004.opus`, masu ɗauke da kwanan wata, duk sun tafi. Abin da na samu cikin `recup_dir.1`, foldar da ta zuba su, sunaye ne irin `f0123456.ogg`, ba rana, ba sunan wanda ya aiko. Dole muka zauna da Yaya bayan isha'i ina kunna su da VLC tana gane murya: wannan ta Daura ce, wannan matar maƙwabcinmu ce. Har da gaisuwar Sallah da wa'azin da aka yi ta turowa a guruf, duk sai da muka saurara.

Muryoyi da hotuna yawancinsu sun buɗe lafiya, saboda ƙanana ne, a wuri guda suke kwance. Bidiyo ne suka ba da ciwon kai: babban fayil a katin da ya daɗe ana gogewa ana zubawa yakan rarrabu gunduwa-gunduwa, sai ya fito ya ƙi kunnuwa. Rubutattun hirarraki kuma kar ma a sa rai, suna cikin fayil irin `msgstore.db.crypt12` a kulle.

Kafin ka ɓata lokacinka, tambayi yadda aka saita katin. Tun Android 6.0 ana iya mayar da memori ya zama ma'ajiyar cikin waya, kuma idan aka yi haka, waya kan kulle shi da makullin da ke cikinta ita kaɗai. PhotoRec ba za ta tsinci komai a irinsa ba, kuma ranar da aka yi wa wayar filashin makullin ya tafi. Na Yaya ba a yi masa haka ba. Sabon katin da na saya mata sai da na gwada shi da H2testw tukuna, don jabu masu ƙaryar giga sun yi yawa a kasuwa.