Silaid ɗin zuciya ko na tsokar ƙashi, wanne za a fara saya?

"Yayyena, na samu madubin likita na hannu, amma kuɗina silaid ɗaya kawai zai saya yanzu. In ɗauki na tsokar zuciya ko na tsokar ƙashi? Ni duk jajaye nake ganinsu masu zane-zane, a gwajin da ya wuce ma sai da na musanya su."

Ɗauki na zuciya, ƙanena. Amma ba kowanne ba. Ka nemi wanda aka yanko bangon ɗakin ƙasa na zuciyar gaba ɗaya, daga ciki har waje, ba ɗan guntun tsoka daga tsakiya ba.

Irinsa gare ni, shekara da shekaru yana cikin akwatina, har takardar sunansa ta yi ja. Ranar da na fara ɗora shi a 4x sai na ga abin da aka yi ta zana mana a allo ban gane ba. Can gefe ɗaya akwai wani fili fari mai ramuka kamar saƙar zuma. Kitse ne, kuma a cikinsa jijiyar jinin da ke ciyar da zuciyar kanta take kwance, an yanke ta a gicciye, ga bakinta a zagaye. Wannan shi ne efikadiyom, rigar waje, wadda sel shimfiɗaɗɗu layi ɗaya tak suka lulluɓe ta. Duk inda ka ga kitse da manyan jijiyoyin jini, to a waje kake. Da wannan kaɗai za ka san gabas da yamma a silaid ɗin.

Ka tura silaid ɗin ciki sai jan nama ya cika maka ido, ka yi ta tafiya bai ƙare ba. Mayokadiyom ke nan, tsokar da ke matsa jini. A ɗakin ƙasa na hagu kaurinta ya kai wajen santimita 1, kusan ninki uku na na dama, domin hagu jiki duka yake tura wa jini, dama kuwa huhu kaɗai. A ƙarshe sai ka iso endokadiyom, ɗan siririn shafe na ciki wanda jini ke gogawa. Mutane kan wuce shi da sauri, alhali dab da ƙarƙashinsa abin kallon yake: wasu sel manya, koɗaɗɗu, kamar an wanke musu launi. Zaruruwan Purkinje ne, masu kai saƙon bugu. Koɗewar kuwa saboda gilaikojin, wato sukarin ajiya, ya cika musu ciki, shi kuma ba ya kama rinin da aka saba yi, zaren matsawar da ke cikinsu kaɗan ne kuma an ture shi gefe. Na taɓa ɗaukarsu a matsayin inda silaid ya lalace.

Na tsokar ƙashi ma ina da shi. Dogayen zaruruwa ne a jere, ka kalle su minti biyar ka gama da su.

Zane-zanen da suka ruɗa ka kuwa, ka daina dogara da su, duka biyun suna da shi, domin tsarin sakomiya, wato ƙananan gaɓoɓin matsawa da ke jere a cikin zaren, ɗaya ne. Nukiliyas za ka fara nema. Zaren tsokar ƙashi sel masu yawa ne suka narke suka zama ɗaya tun a cikin mahaifa, shi ya sa yake da nukiliyas barkatai, duk an matse su a gefe, ƙarƙashin fatar zaren, tsawonsa kuma yakan kai santimitoci. Sel ɗin zuciya gajere ne, tsawonsa wajen maikuromita 100, faɗinsa wajen 15, nukiliyas ɗaya ko biyu a tsakiyarsa, da ɗan fili fari kewaye da shi. Sannan yana yin reshe ya kama maƙwabcinsa, abin da zaren ƙashi ba ya yi.

Inda sel biyu suka haɗu kai da kai akwai wani layi mai duhu da ya gitta, wani lokaci a tsaye, wani lokaci kamar matakala. Shi ne intakaletad dis, kuma in ka gan shi magana ta ƙare, zuciya ce. Aiki biyu yake yi. Ɓangaren da ya gitta riƙo ne, don kada sel su rabu lokacin matsawa. Ɓangaren da ya kwanta a tsawon zaren kuma yana da ƙananan ƙofofi da lantarki ke ratsawa daga wannan sel zuwa wancan. Shi ya sa zuciya ke matsawa kamar abu ɗaya, tsokar ƙashi kuwa kowane zare sai jijiyar saƙo ta taɓa shi da kanta. Matsalar ita ce a rinin hematoksilin da iyosin layin nan yakan yi haske har ka rasa shi. Ka hau 40x, ka ɗan tsuke hasken ƙasa, ka riƙa juya ƙaramin maballin saiti a hankali, za ka ga ya fito ya ɓuya. Ya fi sauran zanen kauri, kuma iyakarsa faɗin sel ɗaya. In layi ya ratsa zaruruwa da yawa a miƙe, naɗewa ce ko sawun wuƙa.

Akwai tarko a yankan gicciye. Sel da yawa za ka gansu babu nukiliyas, saboda wuƙar ta bi ta samansa ko ta ƙasansa. A tsakanin sel ɗin kuma ga ƙananan nukiliyas masu duhu na hanyoyin jini, waɗanda suka yi yawa ƙwarai a zuciya. In ka yi gaggawa sai ka ce ai ga nukiliyas a gefe, ka rubuta tsokar ƙashi. Ina zaton nan aka kama ka. Ka duba ko nukiliyas ɗin a cikin jan naman yake ko a ratar da ke tsakani.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Na taɓa sayen wani silaid da aka manna wa sunan tsokar zuciya. A 10x ya yi kama, zaruruwa sun nufi ko'ina, wasu a tsaye wasu a kwance. Na kwana biyu ina neman dis ban gani ba, ina zargin madubina. Da na natsu na bi zare ɗaya daga farko har inda ya ɓace, sai na ƙirga nukiliyas shida a jere a gefensa, babu reshe, babu mahaɗa. Can a baki kuma ga wani shafe mai hawa-hawa na sel da yawa, wanda babu irinsa a zuciya. Harshe ne aka sayar min. Tsokarsa ta ƙashi ce, tana dai saƙuwa ne ta fuskoki daban-daban. Mai kayan ya ce daga kamfani aka yi kuskure, kuɗina dai har yau shiru.

Don haka kafin ka biya, ka ce a ɗauko maka hoton ainihin silaid ɗin da za a ba ka a 40x, ba hoton talla ba, ka kuma tambayi irin rinin. In akwai mai hematoksilin na ƙarfe, shi yake fito da dis baƙi ƙirin, ka ɗauke shi. Na ƙashin ka ara wajen abokin karatu na yini ɗaya, ya ishe ka.