Gwajin rukuni ko gwajin iyaka: wanne ya dace da fom ɗin ruwan bashi?

Masu koyon gwajin manhaja sun sha tambayata wanne za su ɗauka. Mu ce fom yana karɓar bashi daga 10,000 zuwa 500,000. Ruwan shekara kashi 12 cikin ɗari ne har zuwa 100,000, bashin da ya haura haka kuma kashi 10 ne a kan dukkansa.

Gwajin rukuni ya fi sauƙi da arha. Ka kasa abin da za a shigar gida biyar: ƙasa da 10,000, matakin kashi 12, matakin kashi 10, sama da 500,000, sai abin da ba lamba ba. Kowane gida misali ɗaya ya wadatar: 50,000 ya ba da ruwa 6,000, 300,000 ya ba da 30,000.

Sai dai akwai kuskuren da ke kuɓuce masa. Idan mai rubuta manhaja ya sa `<` a gurbin `<=`, wanda ya ci bashin 100,000 cif zai ga ruwa 10,000 maimakon 12,000, alhali duk gwaje-gwajen nan biyar sun wuce lafiya. Gwajin iyaka ne ke kama wannan, domin yana taɓa 9,999 da 10,000, 100,000 da 100,001, 500,000 da 500,001. Wahalarsa ita ce duk ranar da aka sauya iyaka sai an sake lambobin, kuma ba ruwansa da haruffa ko gurbin da aka bari fayau.

Mai sabon fom da ƙarancin lokaci ya fara da rukuni. Wanda ruwan bashinsa ke sauyawa mataki-mataki kuwa, a ganina bai kamata ya saki fom ba sai ya gwada iyakokin.