Sharhi kan sashen taimako na wata manhajar lissafin kaya: suna gane na'urarka daga kalamanka

Manhajar da nake amfani da ita wajen lissafin kayan shagona tana buɗewa a waya da kwamfuta duka, kuma abin da ya sa nake ci gaba da biyan kuɗinta shi ne ma'aikatan sashen taimakonta, waɗanda na lura suna sauraron yadda mutum yake bayyana abin da hannunsa ya yi kafin su ba shi umarni.

Na ga haka a fili ranar da yaron shagona ya kasa gyara farashin buhun sukari. A takardar jagorar da kamfanin ya bayar an rubuta cewa a ɗora kibiya a kan sunan kayan har alamar alƙalami ta bayyana, ko kuma a danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta. Da muka kira, ma'aikaciyar ba ta tambaye shi irin na'urarsa ba, sai ta ce ya faɗa mata abin da ya yi daki-daki. Ya ce ya shafa allon sama har ya kai ga sukari, ya taɓa sunan, da rubutun ya yi masa ƙanana sai ya ware yatsu biyu. Nan take ta ce masa, "Malam, ajiye jagorar nan, ba don wayarka aka rubuta ta ba. Ɗora yatsanka a kan sunan, ka riƙe kamar rabin daƙiƙa." Jerin zaɓi ya fito, ya gyara farashin.

Dalilin da ya sa ta gane a bayyane yake. Mai linzami yana da matakai biyu, wato nuna abu da kibiya, sannan danna shi, kuma manhaja tana iya fito da ɓoyayyen maɓalli a matakin farko. Mai allon taɓawa ba shi da wannan matakin, domin allon ba ya sanin inda yatsa yake sai ya sauka a kansa, saboda haka duk maɓallin da aka ɓoye sai kibiya ta zo kansa, shi ba zai gan shi ba. Haka kuma yatsa ba shi da maɓallin dama, shi ya sa riƙewa na ɗan lokaci ta maye gurbinsa. Shafawa, ware yatsu da riƙewa maganar mai allon taɓawa ce; kibiya, maɓallin dama da murza ɗan gargaren linzami maganar mai kwamfuta ce.

Sai dai "danna" da "latsa" ba sa nuna komai a bakinmu, tunda mun saba faɗinsu tun zamanin wayoyi masu maɓalli, kuma mai waya da mai kwamfuta kowa "na danna" yake cewa. Akwai kuma mai laftof da ke aiki da faifan taɓawa na ƙasan maɓallai, wanda zai ce ya taɓa ko ya shafa da yatsu biyu alhali yana da kibiya a allonsa kamar mai linzami. A irin wannan hali na ji ma'aikatan suna yin tambaya ɗaya wadda take raba gardama: "Kana ganin kibiya tana yawo a allon?"

Inda suka fi burge ni shi ne maganar sama da ƙasa. Mai waya yana jan yatsansa sama ne idan yana son ganin ƙasan shafi, shi kuwa mai linzami yakan murza gargaren zuwa wajensa, don haka "yi ƙasa" umarni ne da mutum biyu za su bi ta fuska biyu. Su sukan ce "je ka ƙarshen shafin", su bar wa hannu ya san yadda zai yi.

Jagorar da aka rubuta ce ba ta kai ma'aikatan inganci ba. Ko'ina `Click` take cewa, har a shafukan da aka yi wa hoton waya, alhali tun Windows 8 a 2012 Microsoft ta riƙa rubuta `tap or click`, daga baya kuma ƙa'idar rubutunta ta fifita `Select`, wadda ba ta ɗaure mutum ga wata na'ura. Maɓallan shafin rahoto ma ƙanana ne, an auna su da tsinin kibiya. Apple tana ba da shawarar kada abin taɓawa ya gaza maki 44 na ma'aunin allo a tsawo da faɗi, kuma waɗannan ba su kai ba, har yatsa yakan sauka a kan gogewa maimakon gyarawa. Duk wanda yaransa suke shigar da kaya ta waya, ya ba su lambar sashen taimakon tun ranar farko, ya bar shafin rahoto sai a kwamfuta.