Snooze, Boomerang ko ɗan rubutun umarni: wanne ne ya san an amsa maka?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina tura wa kamfanoni da makarantu takardar farashin kaya ta Gmail, kusan talatin a mako. Wasu su amsa, wasu shiru, ni kuma sai in manta da su. Me zan yi amfani da shi ya tuna mini bayan kwana biyar, amma waɗanda ba su amsa ba kaɗai?"

Wa alaikumus salam Malam. Hanyoyin da ake da su iri biyu ne. Akwai waɗanda agogo ne kawai, lokaci ya cika su buga, ko an amsa ko ba a amsa ba. Akwai kuma waɗanda sai sun leƙa cikin zaren saƙon sun ga wa ya yi magana ta ƙarshe kafin su tashe ka. Mai tura talatin a mako na biyun yake bukata.

Gmail da kansa yana da wani abu da ya shigo a 2018, sunansa Nudges, yana cikin Settings ƙarƙashin General. Shi ne mai dawo da saƙo sama da ɗan rubutu kamar "Sent 3 days ago. Follow up?". Ka bar shi a kunne, amma kada ka jingina da shi, domin shi yake zaɓar saƙon da ya ga dama, kuma babu inda za ka rubuta masa adadin kwanaki.

Snooze ya fi shi. Bayan ka tura, ka shiga Sent, ka zaɓi saƙon, ka danna hoton agogo, ka sa rana da lokaci. Ranar na zuwa zai bayyana a saman akwatinka. Kyauta ne, yana aiki a waya kamar yadda yake a kwamfuta, kuma ba ka ba wani kamfani damar shiga akwatinka ba. Rauninsa shi ne komai da hannu ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ka manta ba ka sa wa ba ya tafi ke nan. Masu Outlook na kwamfuta suna da makamancinsa, wato Follow Up sannan Add Reminder, sai dai tutar na nan har sai mutum ya cire ta da kansa, ko da an amsa tun jiya.

Boomerang ƙari ne da ake ɗora wa Gmail a burauza. Tun kana rubuta saƙon za ka zaɓi kwanaki, ka haɗa da sharaɗin "if no reply". Idan amsa ta shigo kafin lokacin, tunatarwar ta mutu da kanta. Wannan daidai yake da abin da ka nema. Matsala biyu ce. Tsarinsu na kyauta saƙo goma yake bayarwa a wata, kai kuwa za ka cinye su kafin Laraba, daga nan sai biya da kuɗin waje. Sannan dole ka ba su izinin shiga akwatinka, akwatin da ke ɗauke da farashinka da sunayen kwastomominka. Ni wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai.

Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne lakabi, wato Label na Gmail, da ɗan gajeren rubutun umarni. Ka ƙirƙiri lakabi mai suna jira, ka riƙa manna shi a duk takardar farashin da ka tura. Daga nan ka buɗe script.google.com a kwamfuta, ka fara sabon aiki, ka zuba wannan:

```
function nemoShiru() {
  const ni = Session.getEffectiveUser().getEmail();
  GmailApp.search('label:jira').forEach(z => {
    const s = z.getMessages().pop();
    const kwana = Math.round((new Date().setHours(0, 0, 0, 0) - s.getDate().setHours(0, 0, 0, 0)) / 86400000);
    if (s.getFrom().includes(ni) && kwana >= 7) z.moveToInbox().markUnread();
  });
}
```

Aikinsa ba shi da yawa. Yana ɗaukar kowane zare mai lakabin, ya duba saƙon ƙarshe. Idan daga gare ka ya fito kuma ya kai kwana bakwai, sai ya maido zaren akwatin shiga a matsayin wanda ba a karanta ba. Ka shiga Triggers ka sa ya riƙa tashi sau ɗaya kowace safiya. A kwamfutocin Google yake gudana, don haka ko wayarka babu caji ko data ta ƙare, ya yi aikinsa. Idan ka tura saƙon tuni, saƙon ƙarshe ya zama sabo, ƙidaya ta koma farko ba tare da ka taɓa komai ba. Idan kuma kana turawa da wani adireshi dabam da wanda ka shiga da shi, sai ka rubuta wancan adireshin a layin da ya fara da const ni, in ba haka ba zai ɗauka ba kai ka yi maganar ƙarshe ba, ya yi shiru.

Za ka ga na sa bakwai, ba biyar da ka ce ba, kuma da gangan ne. Duk waɗannan hanyoyin idan ka ce kwana biyar, da Asabar da Lahadi suke haɗawa. A ce ka tura wa wata makaranta farashin kujeru ranar Alhamis da la'asar. Kwana biyar ya cika Talata da la'asar, amma ma'ajin makarantar Juma'a ya samu, wadda rabinta sallah ta ɗauke, sai Litinin da Talata. Ka tuna masa a lokacin, ya ga kamar kana matsa masa. Wanda ka tura wa ranar Litinin kuwa, tasa tunatarwar Asabar za ta faɗo, ofis a kulle. Bakwai kullum tana sauka a ranar da ka tura, kuma kullum kwanakin aiki biyar ne a ciki, sai fa idan hutun Sallah ko makamancinsa ya ratsa.

Saura wurin da Boomerang da rubutun umarnin duk suke tuntuɓe. A wajensu amsa ita ce saƙon da ya shigo cikin zaren, ba su san ciniki ba. Idan amsar nan ta atomatik ta "ba na ofis" ta faɗo cikin zaren, ko sanarwar cewa adireshin bai yi ba, rubutun zai ga ba kai ne na ƙarshe ba, ya ƙyale. Haka idan mutum ya rubuto "mun gani, za mu duba" ya ɓace. Wannan shi ne kuskure mai tsada, domin babu abin da zai nuna maka. Akasinsa ya fi yawa a wajenmu: ka tura imel, mutum ya kira ka a waya ko ya amsa ta WhatsApp, ko ya buɗe sabon saƙo da wani take dabam, wanda Gmail zai ajiye a zare na daban. Nan tunatarwa za ta zo a kan maganar da kuka riga kuka gama.

Maganin duka biyun lakabin ne, kuma nan ya fi Boomerang. Kada ka cire jira don an amsa, ka cire shi ranar da magana ta ƙare, an saya ko an ce a'a. Wanda ya kira ka kuka gama, ka cire nan take kafin ka ajiye wayar. Sannan sau ɗaya a mako ka rubuta wannan a wurin bincike:

```
label:jira older_than:14d
```

Zai fito maka da zarurrukan da aka fara sama da mako biyu kuma har yanzu ba a rufe su ba, ciki har da waɗanda amsar atomatik ta ɓoye. A girman aikinka ba za su yi yawan da zai hana ka buɗe su ɗaya-ɗaya ba.

Idan ba ka da kwamfutar da za ka kafa rubutun yanzu, ka fara da lakabin da wannan binciken, ka canza 14d zuwa 7d, ka riƙa dubawa kowace safiya a wayarka. Ranar da ka samu kwamfuta sai ka ɗora rubutun a kai, lakabin da ka riga ka manna shi zai yi amfani da shi.